Bunƙasar Ciniki ko Kasuwar Sallah: Yadda Ake Rarrabewa

Jama'a, assalamu alaikum. Mu ƙaddara wani mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ya buɗe littafinsa, ya ga ya yi cinikin naira miliyan 8 a watan Maris na 2024, na miliyan 14 kuma a Maris na 2025. Ya bi ƙa'idar da aka saba, wato gwada wata da takwaransa na bara, amma a kasuwarmu wannan ƙa'ida tana yaudara, domin Sallah watan Musulunci take bi, tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. A 2024 ƙaramar Sallah ta kama 10 ga Afrilu, saboda haka sayayyar goman ƙarshe ta faɗa cikin Afrilu, alhali a 2025 azumin ya kasance cikin Maris.

Gyaran shi ne a ƙirga daga ranar Sallah a koma baya kwana 30 a kowace shekara, sannan a gwada. A ce da aka yi haka, cinikin 2024 ya tashi miliyan 11, na 2025 kuma ya tsaya a miliyan 14. Tazarar ta ragu, sai dai da sauran aiki, domin kuɗin kaya ma ya hau. Idan turmi yana naira 10,000 a shekarar farko, ya koma 12,500 a ta biyu, to ya sayar da turmi 1,100 a da, yanzu kuwa 1,120. Turmi 20 ne duk ƙarin da ake wa murna.

Mataki na biyu, wanda a ganina ya fi nuna gaskiya, shi ne kasa masu saye rukuni-rukuni bisa lokacin da kowa ya fara sayayya, a bi sawun kowane rukuni daban. A ce sababbin kwastomomi 200 ne suka zo a azumin 2024, 30 daga cikinsu suka dawo a watanni uku na bayan babbar Sallah, lokacin da kasuwa ta lafa. Kashi 15 cikin ɗari ke nan. Idan a 2025 mutum 260 suka zo, 26 kacal suka dawo, an sauka zuwa kashi 10, kuma cunkoson da aka gani a bakin shago na masu neman kayan Sallah ne. Da bunƙasar ta gaskiya ce, da rukunin baya-bayan nan ya kai na bara wajen dawowa, ko ya fi shi.

Wannan lissafi ba ya yiwuwa sai ana rubuta lambar wayar mai saye tare da kowane ciniki, har na wanda ya biya kuɗi hannu. A kuma yi hattara da ƙaramin rukuni, domin inda mutane 20 ne kawai, iyali guda masu haɗa lefe ko fitar da anko sun isa su karkatar da sakamakon watan. Irin waɗannan rukunai gara a haɗe su wata uku-uku kafin a yanke hukunci.