Rabin da ya ɓace wa ƙanina a jerin Fourier

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da hasken, a nan Glasgow ƙarfe huɗu na yamma duhu ya riga ya shigo, fitilar tebur ce kawai nake da ita. Jiya da daddare ƙanina da ke karatun injiniyan lantarki a Jami'ar Bayero ya turo mini hoton takardarsa daga gida, can Kabuga. Ya ce, "Yaya, ni na samu 0.637, abokina ya samu 1.273, kuma tambaya ɗaya muka yi. Wa ya yi kuskure?" Na ce masa duk cikinku ba wanda ya yi, sai dai kai rabin amsarka ka bar shi a baya ba ka sani ba. Bari in juyo da kyamara kan takarda ku gani.

Abin da aka ba su shi ne igiya mai kusurwa, irin wadda tsofaffin inbata masu araha suke fitarwa, waɗanda in ka haɗa fanka sai ka ji tana gurnani. A rabin farko na zagaye ƙimarta +1 ce, daga 0 zuwa π, a rabi na biyu kuma -1, daga π zuwa 2π, sai ta maimaita. Aikinsu shi ne su rubuta ta a jerin Fourier, wato su rarraba ta zuwa igiyoyi masu santsi da za a haɗa su ba da ita. Abokin nasa ya bi hanyar da Joseph Fourier ya bi a littafinsa na 1822, wato sayin da kosayin. Ƙanina kuma ya bi hanyar da malaminsu ya fi so. Ga su nan gefe da gefe:

```
f(t) = a0/2 + Σ [ a_n cos(nt) + b_n sin(nt) ],   n = 1, 2, 3, ...
f(t) = Σ c_n e^(int),   n = ..., -2, -1, 0, 1, 2, ...
```

Ku dubi inda n ya fara. A layin farko daga 1 ya tashi ya yi gaba. A layi na biyu har da lambobin da ke ƙasa da sifili. Duk rikicin daga nan yake.

Gadar da ta haɗa su ita ce ƙa'idar Euler, wadda ya buga a 1748: e^(it) = cos t + i sin t. Ku 'yan lantarki j kuke rubutawa saboda i ta riga ta zama ta karan, abu ɗaya ne. Ni yadda nake ganin e^(it) shi ne kibiya mai tsawo ɗaya da ke juyawa a kan da'ira, e^(-it) kuma 'yar'uwarta ce da ke juyawa ta ɗaya wajen da gudu iri ɗaya. In ka haɗa su, abin da ɗaya ta hau sama ɗaya ta sauka ƙasa, sai ya soke, ya bar maka kai-komo a kwance wanda ya ninka kosayin sau biyu. Shi ya sa cos t = (e^(it) + e^(-it))/2, kuma sin t = (e^(it) - e^(-it))/(2i). Ka zuba waɗannan a layin farko, ka ware abin da ke manne da e^(int) gefe guda, na e^(-int) gefe guda, ka tuna cewa 1/i daidai yake da -i. Ga abin da zai fito:

```
c_0  = a0/2
c_n  = (a_n - i b_n)/2
c_-n = (a_n + i b_n)/2
```

To kun ga tagwaye ne, Hassan da Usaini. Kowace igiya guda a rubutun sayin da kosayin an raba ta gida biyu, Hassan ya ɗauki rabi, Usaini ya ɗauki rabi. Matuƙar f ɗinka abu ne na zahiri, kamar bolt da ake aunawa da mita, tagwayen nan girmansu ɗaya, alamar ɓangaren i ce kawai ta bambanta su.

Mu koma kan igiyarmu. Duk a_n sifili ne, domin in ka juya t zuwa -t igiyar kifewa take yi, kosayin kuwa ba ya kifewa. Shi kuma b_n yana ba da 4/(nπ) idan n mara ce, sifili idan cika ce. Saboda haka b_1 = 4/π, wato 1.273, amsar abokin ke nan. Saka shi a ƙa'idar: c_1 = -2i/π, wato -0.637i, sannan c_-1 = +0.637i. Ƙanina ya samu Hassan, ya manta akwai Usaini. Tsayin igiyar da za ka gani a allon na'ura shi ne 2|c_n|, ba |c_n| ba. Haka na uku: b_3 = 0.424, c_3 = -0.212i. Da yake wutar gida zagaye 50 take yi a daƙiƙa, wannan na ukun 150 ne, kuma yana cikin abin da ke sa fankar nan kuka da zafi.

Amma da na ƙara duba hoton, sai na ga wani abin da shi bai lura ba: ya rubuta +0.637i a wurin c_1. Wannan ya fi mantuwar rabin nan haɗari, don girman ya yi daidai, ido ba ya kamawa. Dalili kuwa, intigiral ɗin da ake samo c_n da shi e^(-int) ne a ciki, da alamar ragi, ana raba shi da 2π, shi kuwa ya jefar da ragin. Gwajin ba wuya. Ɗauki t = π/2, tsakiyar inda igiyar take +1. A nan e^(it) = i. Sai c_1 sau i ya ba da 2/π, Usaini ma ya ba da 2/π, jimla 1.273, lamba mai kyau a sama da sifili. Da alamar ƙanina za ka samu -1.273, wato ya zana igiyar a kife.

Sai ya tambaye ni, kuma tambayar ta yi ma'ana, in dai abu ɗaya ne me ya sa za a wahalar da kai da i? Ni ma a aji biyu haka na ɗauka, iyayi ne kawai na malamai. Abin da ya sauya mini ra'ayi shi ne wannan. Matsar da wurin fara ƙirga lokaci da rubu'in zagaye, ta yadda tudun +1 zai zauna daga -π/2 zuwa π/2. Igiyar ba ta canja ba, agogonka ka gyara. Amma a rubutun farko komai ya hargitse: duk b_n sun koma sifili, a_1 ya zama 4/π, a_3 ya zama -4/(3π), alamu suna ta musanya. A rubutu na biyu kuwa, kowane c_n sai ka ninka shi da i^n, shi ke nan. c_1 ya tashi daga -2i/π ya koma 2/π. c_3 ya koma -2/(3π). Girmansu 0.637 da 0.212 suna nan yadda suke, kibiyar ce kawai ta juya. Wato a_n da b_n sun cakuɗa girman igiya da lokacin tashinta, c_n kuwa ya ajiye girma a tsawon kibiya, lokaci a kusurwarta. Duk wanda zai bi da sigina ta cikin kafasita ko koyil, wannan rabuwar yake bukata.

Inda har yanzu nake komawa sayin da kosayin shi ne lissafin hannu irin na jarrabawa, inda kallo ɗaya zai gaya maka rabin lambobin sifili ne, ka huta.

Abu na ƙarshe, ƙanina, ka duba littafin da kake karantawa. Wasu suna rubuta a0/2 a farkon jerin, wasu a0 kawai, kuma a wurin na biyun c_0 = a0 ne ba rabi. A wannan tambayar ba zai cije ka ba tunda matsakaicin igiyar sifili ne. Amma na ga tambaya ta biyu a ƙasan hoton, igiyar tana tsakanin 0 da 5, rabi da rabi. Ka yi ta, in c_0 ɗinka bai ba da 2.5 ba, ka kira ni bayan sallar isha'i.