Lambar Akawun a Saƙon Lissafi: Yadda Za Ka Rubuta Ta Kuɗi Su Shigo Daidai

Ga labarin wani saƙon lissafi. Wani dillalin dankali ne a kasuwar Farin Gada a Jos ya tura wa wata Hajiya mai gidan abinci a Abuja. Buhu goma, kowanne naira 45,000, ga kuɗin mota 30,000. Gaisuwa, lissafi, lambar waya, lambar akawun, duk a dunƙule cikin layi uku. Hajiya ta karanta har sau biyu, sai ta bugo waya: "Alhaji, wacce ce lambar a ciki? Kuma sunan wa zan gani?"

Tunda har ta kira, saƙon bai yi aikinsa ba. Kuma an ci sa'a da ta kira. Wata kawai turawa za ta yi.

Mu fara da lambar. Akawun ɗin banki a Najeriya, tsarin da ake kira NUBAN, lamba goma ne cif. Lambar waya kuwa goma sha ɗaya ce. Amma akawun irin na OPay lambar wayar mutum ce aka cire mata sifirin farko, ita ma ta koma goma. Don haka idan ka jera lambar waya kusa da lambar akawun, mai saye zai iya ɗauka wayar ce akawun ɗin. Ka cire lambar waya daga saƙon gaba ɗaya, ai da ita kuke magana.

Sannan ka ƙirga da idonka. Akawun da yawa da sifiri suke farawa, kuma idan a Excel kake lissafi, yakan haɗiye sifirin farko. Ka ga tara? Tsaya, an ci ɗaya.

Lamba ita kaɗai ba adireshi ba ce. Lamba goma iri ɗaya za ta iya kasancewa ta wani mutum dabam a wani banki. Shi ya sa sunan banki zai zo a cike, yadda yake a manhaja. Kada ka ce "Fas" kawai, domin First Bank dabam, FCMB dabam.

Yanzu ga inda aka fi yin tuntuɓe: sunan akawun. Idan Hajiya ta sa lamba ta zaɓi banki, kafin ta sa lambar sirri manhaja za ta nuna mata sunan mai akawun. Wannan ne birkinta na ƙarshe. To amma birkin ba ya kamawa sai ta san sunan da take jira. A kasuwa kowa da laƙabi ya san Alhaji, a banki kuwa sunan yanka ne da na mahaifi, wataƙila ma na mahaifin ne a gaba. Ko kuma akawun ɗin na ƙaninsa ne mai tsaron shago. Hajiya ta ga baƙon suna, ko dai ta tsorata ta fasa, ko kuma, wanda ya fi muni, ta saba da cewa suna ba ya dacewa, ran da ta kuskure lamba ɗaya ba za ta lura ba.

Maganin ba wuya. Ɗauki wata waya, yi kamar za ka tura wa kanka kuɗi, ka kwafi sunan da ya fito harafi da harafi. Idan ba naka ba ne, ka faɗa tun a saƙon.

Ga yadda Alhaji ya gyara nasa:

```
Jimilla: N480,000
Banki: (cikakken suna)
Lamba: 0123456789
Sunan da zai fito: (yadda yake a banki)
Bayani: Dankali 014
```

Jimilla ɗaya, akawun ɗaya. Masu jera akawun uku su ce "tura ko'ina", su ne da yamma suke bin manhaja uku suna neman alat. Wannan "Dankali 014" kuma Hajiya za ta rubuta shi a gurbin bayani, domin wani lokaci direbanta ne zai biya ta wajen mai POS, sunan da zai shigo wa Alhaji ba nata ba ne.

Bayan wannan saƙon, sai ya sake tura lambar ita kaɗai, ba sarari a tsakani, ba ɗigo. A WhatsApp idan ka danne saƙo ka kwafa, dukkansa yake ɗaukowa. Hoton takarda ko saƙon murya kuwa sai an sake bugawa da hannu, nan ne 1 yake zama 7.

Sai layi na ƙarshe da Alhaji ya ƙara: "Hajiya, wannan akawun ba ya canjawa. Duk saƙon da ya ce an canja, ko daga lambata ya fito, ki kira ni ki ji muryata tukuna." Ana sace WhatsApp ɗin 'yan kasuwa, kuma kuɗin da suka faɗa hannun wani, dawo da su sai an bi ta banki, a kai ƙorafi, a yi ta jira.

Hajiya ta tura, ta aiko da rasit. Alhaji ya buɗe manhajarsa, ya ga 480,000 sun zauna da "Dankali 014" a gefe, sannan ya ce wa yara su fara lodi.