Wurin Ajiye Janareta da Yadda Ake Zuba Masa Fetur

Jama'a, assalamu alaikum. Abubuwa biyu na zo muku da su, na farko shi ne inda ake ajiye janareta.

Baƙin hayaƙin da kuke gani yana fita daga salansa ba shi ne ya fi ba ni tsoro ba. A tare da shi akwai wata iska da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar oksijin sau sama da 200. Ba ta da wari, ina maimaitawa, don haka hanci ba zai gargaɗe ku ba.

Ku ɗauki magidancin da ya shigar da janaretansa zaure da dare saboda tsoron ɓarayi, ya kulle ƙofar waje, ya bar ta ciki a buɗe don waya ta wuce. Kafin tsakar dare yara sun fara kukan ciwon kai, uwargida tana jin jiri da tashin zuciya, sai a ce maleriya ce, a sha magani a koma a kwanta, alhali kwanciyar ita ce haɗarin, domin mai barci yakan suma ba tare da ya farka ba. Iyaye mata da ke can baya, ku riƙe wannan alamar: idan mutanen gida suka kamu da ciwon kai lokaci guda, babu zazzaɓi, kuma suna samun sauƙi in sun fita waje, to a fitar da kowa, a kashe injin, a tafi asibiti. Buɗe taga ba ya wadatarwa. A ajiye janaretan a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bakin salansa yana kallon nesa da ɗakunanku da na maƙwabta. Ɓarawo kuwa, maganinsa kejin ƙarfe da sarƙa.

Lokaci ya ja, bari in taɓa zuba mai. A kashe injin, a ba shi kamar minti 20 ya huce, domin tururin fetur yana iya kamawa a kan salansa mai zafi. A sa mazurari, a haska da tocila, ban da kyandir ko fitilar ƙwai, kada a cika tanki har baki, a goge abin da ya zube, a kai jarkar nesa kafin a tayar.

Na'am, Hajiya?

"Malam, idan wutar ta riga ta kama, ba ruwa za a watsa ba?"

A'a, Hajiya, don Allah kada a watsa ruwa. Fetur yana tasowa a saman ruwa, sai ya bi shi ya malala tsakar gida da wutarsa. A tanadi bokitin yashi kusa da injin, a danne wutar da shi tun tana ƙarama, idan kuma ta kai ga tanki, a kwashe yara a fice, a kira 'yan kwana-kwana.