Tukunyar firesha: me ya sa farfesunki yake fitowa tsululu?

Assalamu alaikum, masu kallo, barkanku da war haka. Tun da gas ya yi tsada mutane suka koma wa tukunyar firesha, kuma ƙorafi ɗaya ne yake ta yawo a bakin mata: "Na dafa farfesu kamar yadda na saba, nama ya yi luguf, amma romon ya fito salam, ruwa tsululu." Wasu har sun mayar da tukunyar cikin kwalinta. Uwargida, ki ɗauko ta, lafiyarta ƙalau. Wurin zuba ruwa ne ake samun matsala, kuma a nan za mu daɗe yau.

Ga jelar sa kilo ɗaya, an wanke. Ga albasa, attaruhu, citta, tafarnuwa, masoro, kanumfari, da ɗan daddawa. Wannan duk kin sani, mu wuce.

Dubi tukunyar da ke hagu, irin wadda muka gada. Jelar sa tana cin wajen awa 3 a cikinta kafin ta yi laushi. Kin ga tururin nan da yake tashi ta gefen murfi? Ruwanki ne yake tafiya. Shi ya sa kike cika ruwa har ya sha kan naman, bayan wani lokaci ki leƙa ki ga ya ja baya, ki ƙara, ki sake ƙarawa. Ruwan da kike zubawa kashi biyu ne. Akwai wanda zai zauna ya zama romo, akwai wanda iska za ta kwashe. Hannunki ya saba haɗa su a zubi ɗaya, har ba kya lura cewa biyu ne.

Yanzu dubi ta dama. Murfinta yana da roba a zagaye, idan ya kulle tururi ba shi da hanyar fita sai ta ɗan bututun nan na sama, shi ma kaɗan. Tururin da aka tsare shi ne yake matse cikin tukunyar, ruwa ya kasa tafasa a digiri 100 kamar yadda ya saba, sai ya kai wajen 120. Wannan zafin ne yake narkar da jijiya da sauri, jelar da ke cin awa 3 ta nuna a kamar minti 45. To, lokacin ya ragu, hanyar fitar tururi kuma an toshe. Kason iska ya faɗi. Abin da kika zuba, kusan shi za ki tarar.

Kuma ba shi kaɗai za ki tarar ba, a nan ne mutane suke mamaki. Ɗanyen nama kusan kashi 70 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne, albasa kuwa ta kusa 90, tumatir ya haura haka. Da zafi ya ratsa su sai su saki nasu. A buɗaɗɗiyar tukunya wannan ruwan yana bin tururi ya tafi ba ki ma san ya fito ba. A firesha yana nan zaune yana jiran ki. Shi ya sa wata za ta rantse kofi 4 ta zuba, ta buɗe ta ga kamar an ƙara mata.

Saboda haka kafin ki ɗauki kofi, ki tambayi kanki romo nawa kike so ki gani a kwano idan an gama. Wannan adadin za ki zuba, ki ma ɗan rage saboda ruwan nama da albasa. Ga shi ina zubawa: kofi 2, wato rabin lita, a kan kilo ɗaya. Ki lura da inda ya tsaya. Bai rufe naman ba, rabinsa yana waje. Na san zuciyarki tana cewa na saman nan ba zai dahu ba. Zai dahu, domin tururin da ke cike da tukunyar zafinsa ɗaya da ruwan da ke ƙasa. A ganina wannan tsoron shi ne ya fi ɓata wa mutane girki, don mun taso muna jin cewa sai ruwa ya sha kan nama.

A rufe, a kunna wuta sosai. Da ta fara huci, a rage wutar, a bar ta tana ɗan tsaki a hankali, daga nan ake fara ƙirga minti 45. Rage wutar nan yana cikin lissafin ruwa. Idan kika bar ta tana ihu, abinci ba zai ƙara saurin nuna ba, ruwanki kawai kike fitarwa ta bututu, kuma kofi 2 ɗin nan zai iya ƙafewa. Masu irin tukunyar da ke yin fito lokaci-lokaci, ku ƙara kamar rabin kofi, don kowane fito da ruwan da yake tafiya da shi.

An kashe wuta, an bar ta ta huce da kanta, ɗan ƙarfen nan na kan murfi da ke nuna akwai sauran tururi a matse ya sauka. Bismillah. Ku dubi romon nan yadda yake kama cokali.

Idan kuma aikin gama ya gama, kin riga kin cika ruwa, kada ki yi saurin ƙara gishiri da magi. Kwashe naman a kwano don kada ya dagargaje, ki mayar da romon kan wuta ba murfi, minti 10 zuwa 15, ya ƙone ya dawo daidai. Sannan ki ɗanɗana. Wadda ta gyara gishiri tun romon yana tsululu, idan ya ja baya sai ya yi mata yawa.

Kada kuma a ji na ce a rage ruwa a zarce. Tukunyar nan da tururi take aiki, tururi kuwa sai da ruwa. Yawanci kada ya gaza kofi ɗaya, wasu manyan na lantarki suna neman fiye da haka, ki duba takardar da ta zo da taki. Kuma ruwa mai gudu ake nufi. Markaɗen tumatir mai kauri yakan kwanta a gindin tukunya ya kama kafin tururi ya taru, ta lantarki ta rubuta miki Burn a fuskarta. Sai ki fara zuba ruwa a ƙasa, tumatir a sama, kada ki juya. A ta kan wuta, idan kin ji ƙauri, ko hucin ya ɗauke alhali wuta tana ci, ki kashe nan take, ki jira ta huce. Kada ki taɓa danna murfi da ƙarfi don ya buɗe.

Shinkafa ma lissafin ɗaya ne. Kofi 2 na ruwa da kika saba zuba wa kofi ɗaya, shinkafar kusan ɗaya take sha, saura na iska ne. A firesha ki fara da kofi ɗaya da kwata ga irin tamu da aka turara, ki gani, wani zubin ki daidaita.

Ta sama ma akwai iyaka. Ga layin nan a jikin tukunya: abinci da ruwa kada su wuce kashi biyu cikin uku. Wake da shinkafa kuwa rabi kacal, domin suna kumbura, wake kuma yana kumfa, ɓawonsa yana iya toshe bututun. Kafin ki rufe, ɗaga murfin ki kalli haske ta cikin bututun, ki tabbata a buɗe yake.