Miƙar Riƙewa Ko Miƙar Motsi: Daƙiƙa 60 Ɗin Da Ake Gardama A Kansu

[Hoto: Dandalin Murtala da sassafe, ƙura ta rufe sararin sama]

Nan Dandalin Murtala ne a Kaduna, da misalin ƙarfe shida da rabi na safe, cikin sanyin hunturu. Ku dubi wannan matashin da ya ɗora diddigensa a kan shinge, ya sunkuya ya kama yatsun ƙafarsa, ya tsaya cak yana jiran sauran 'yan wasa su iso. Tun da muka kunna kyamara bai sauke ƙafar ba, kuma yanzu an kusa minti biyu. A 'yan kwanakin nan gardama ta yi zafi a kan abin da yake yi, domin wasu sun ɗauki maganar cewa miƙa kafin wasa tana kashe ƙarfi suna yaɗa ta, har wasu masu horarwa na unguwa suka hana yaransu miƙa gaba ɗaya, wasu kuma suka ce ai haka suka gada, ba za su daina ba. Kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya, kuma rabin da ya ɓace yana cikin agogo.

Miƙa iri biyu ce a nan. Ta farko ita ce miƙar riƙewa, wato a ja tsoka zuwa inda ta fara ɗaurewa sannan a tsaya a wurin ba motsi, kamar yadda wannan matashin yake yi. Ta biyu ita ce miƙar motsi, inda ake kai gaɓa ana komo da ita cikin natsuwa, ana ƙara faɗin motsin kaɗan-kaɗan, kamar waɗancan da kuke gani suna lilo da ƙafa gaba da baya, ko suna tafiya da dogon taku suna durƙusawa a kan gwiwa ɗaya. Bambancin a ido ba ya buƙatar dogon bayani, saboda haka mu wuce zuwa inda ake samun kuskure.

Gaskiya ne cewa miƙar riƙewa tana iya rage ƙarfin tsoka na ɗan lokaci, amma yawan raguwar ya dogara ne da tsawon lokacin da aka riƙe tsoka ɗaya. A shekarar 2016, wani masani a ƙasar Kanada mai suna David Behm, tare da abokan aikinsa, sun tattara binciken da aka yi a kan wannan batu suka auna sakamakonsu. Sun gano cewa idan aka riƙe tsoka ɗaya na daƙiƙa 60 ko fiye, ƙwazon da aka gwada bayan nan yana raguwa da kimanin kashi 4.6 cikin 100, amma idan riƙewar ba ta kai daƙiƙa 60 ba, raguwar kimanin kashi 1 ce kawai. Ita kuwa miƙar motsi, ɗan ƙari ta kawo, wanda shi ma bai wuce kashi 1 da 'yan kai ba.

Abin da yawancin mutane ba su gane ba shi ne yadda ake ƙirga waɗannan daƙiƙa 60. Jimillar lokacin da tsoka guda ta sha ja ake nufi, ba tsawon riƙewa ɗaya ba, kuma ba tsawon lokacin da mutum ya ɓata yana miƙa gaba ɗaya ba. Wanda ya riƙe tsokar bayan cinyarsa ta dama na daƙiƙa 30, ya huta, ya sake, har sau uku, ya ba ta daƙiƙa 90 ke nan, ya ƙetare iyakar ko da yake bai taɓa riƙe ta minti guda a jere ba. Wanda kuwa ya ba sha-raɓa daƙiƙa 20, ya ba gaban cinya 20, ya ba matsematsi 20, ya ba bayan cinya 20, ya yi haka a ƙafafu biyu, ya shafe kusan minti uku yana miƙa, amma babu tsokar da ta ko kusanci iyakar.

Akwai kuma wani tarko da ba a lura da shi. Ku kalli wannan jerin: ya ɗora ƙafa a kan shinge ya sunkuya, ya sauko ya zauna a ƙasa ya kama yatsun ƙafa, sannan ya miƙe ya haɗa ƙafafu ya sake sunkuyawa. A ganinsa miƙa uku daban-daban ya yi, alhali kuwa dukkansu tsokar bayan cinya suke ja. Suna ne ya sauya, wadda ake wa aikin ita ce dai guda ɗaya, kuma ita ce tsokar da zai fi buƙata idan aka jefa masa ƙwallo a gaba ya bi ta da gudu.

[Hoto: robar ɗaure kaya, ana ja ana saki]

Dalilin raguwar abu biyu ne da masana suka fi ambata. Na farko, tsoka da jijiyar da ta haɗa ta da ƙashi suna aiki ne kamar roba mai tauri: idan ƙafa ta taka ƙasa sai su ɗan miƙe su adana ƙarfi, su mayar da shi nan take a lokacin tsalle ko ɗaga ƙafa. Doguwar riƙewa tana ɗan sassauta wannan taurin, sai mayar da ƙarfin ya yi nawa. Na biyu, saƙon da ƙwaƙwalwa take aika wa tsoka cewa ta ɗaure da iyakar ƙarfinta yana ɗan raguwa na wani lokaci bayan doguwar miƙa. Kada robar da kuke gani ta ruɗe ku. Misali ce kawai, tsoka ba ta saki har abada kamar tsohuwar robar bayan babur, tana komawa yadda take.

To kashi 4 ko 5 cikin 100 ɗin, mene ne girmansa a fili? Mu ɗauki mai tsaron baya wanda yakan yi tsallen santimita 50 idan zai sa wa ƙwallo kai. Idan aka cire masa wannan kason, kimanin santimita 2 ya rasa, wato faɗin babban yatsa. Ga magidancin da ya fito zagaya fili sau biyar domin likita ya ce ya rage tumbi, wannan ba abin da zai hana shi barci ba ne, ya yi miƙarsa yadda ransa yake so. Ga mai tseren mita 100 a filin wasa na Ahmadu Bello, ko mai ɗaga ƙarfe da yake neman ya karya bajintarsa, faɗin yatsan nan yana iya zama abin da ya raba na ɗaya da na uku.

Sannan akwai sharaɗin da masu yaɗa maganar suke tsallakewa. A yawancin waɗancan gwaje-gwajen, mintoci kaɗan bayan miƙar aka auna ƙarfin mutanen, ba tare da sun yi wani motsi a tsakani ba. A inda aka biyo bayan miƙar da motsa jiki irin na wasan, ba a ga wata raguwa a fili ba. Wannan ne ya sa tsarin abin da ya zo gaba da abin da ya zo baya yake da nauyi kamar tsawon riƙewar kansa, kuma kuskuren matashinmu na kan shinge biyu ne: ya daɗe, sannan daga shingen zai faɗa cikin wasa kai tsaye.

Bari mu gyara masa safiyar, mu ce minti 15 suka rage a busa usur. Minti biyar na farko sassarfa ce, har jiki ya ɗau ɗumi gumi ya fara tsattsafowa a goshi, kuma a irin wannan sanyin na watan Janairu ba laifi idan ta kai minti bakwai. Idan yana jin bayan cinyarsa a ɗaure, kamar yadda yakan faru ga wanda ya yini a zaune a shago ko a kan babur, to yanzu ne zai riƙe ta, daƙiƙa 20 zuwa 30 a kowace ƙafa, sau ɗaya, ya wuce. Daga nan sai minti biyar na miƙar motsi: lilon ƙafa sau 10 gaba da baya, sau 10 gefe da gefe, dogon taku da durƙuso na kamar mita 15, ɗaga gwiwa, da gudun gefe. A ƙarshe ya yi gajerun gudu uku ko huɗu na mita 20 zuwa 30, kowanne ya fi na baya sauri, na ƙarshen ya kusanci iyakar gudunsa, sannan ya taɓa ƙwallo.

Ita ma miƙar motsi tana da yadda ake ɓata ta, kuma na ga hakan da idona fiye da sau ɗaya a filayen unguwa. Wani zai fito daga gida jiki a sanyaye ya fara wurga ƙafa sama da ƙarfi kamar mai korar kare, wanda hakan fizga ce, kuma fizgar tsoka mai sanyi hanya ce ta jawo mata rauni. Alamar da za a duba mai sauƙi ce: idan mutum ba zai iya tsayar da ƙafarsa a tsakiyar lilon ba, ko kuma bayansa yana lanƙwasawa domin ƙafar ta ƙara tashi, to ya wuce gona da iri. Wani kuma zai yi ta tsalle-tsalle na minti 20 har ya shiga wasa yana haki, ya ƙone man da zai yi tafiya da shi tun a tasha.

[Hoto: bayan wasa, 'yan wasa zaune a inuwa]

Bayan an tashi daga wasa babu sauran tsalle ko gudun da za a ji tsoron ragewa, jiki kuma yana da ɗumi, don haka nan ne miƙar riƙewa take da wurin zama. Wanda yake so gaɓoɓinsa su ƙara buɗewa ya riƙe kowace tsoka daƙiƙa 30 sau biyu, aƙalla kwana biyu ko uku a mako, kuma cikin 'yan makonni zai ga bambanci. Ja ya kamata ya ji, ba zafi mai suka ba, kuma idan numfashinsa ya tsaya ko fuska ta yamutse, sai ya ɗan sassauta.

Sai dai kada a ɗora mata aikin da ba nata ba. Tsamin jikin da yake zuwa washegari, wanda yakan tsananta tsakanin awa 24 zuwa 72 bayan wasa mai wahala, miƙa ba ta hana shi. Wani nazari na shekarar 2011 da ya haɗa gwaje-gwaje da dama ya nuna cewa ko an yi ta kafin wasa ko bayansa, sauƙin da take kawowa bai wuce maki kaɗan cikin 100 ba, abin da mutum da ƙyar zai ji a jikinsa. Ni kaina ina yin ta bayan gudu, saboda tana min daɗi, amma na daina yi wa kowa alkawarin cewa za ta sa ya hau bene lafiya gobe.

Akwai kuma lokacin da za a bar ta gaba ɗaya. Idan ana cikin gudu mutum ya ji wani abu ya tsinke ko ya soke shi a bayan cinya, ya kasa taka ƙafar sosai, wataƙila wurin ya kumbura ko ya yi duhu daga baya, to zaren tsokar ne ya yage. Abin da abokan wasa suka saba yi, wato su kwantar da shi su ɗaga ƙafar sama su danna, yana iya ƙara buɗe yagewar. A fitar da shi daga fili, a huta wa ƙafar, idan kuma ba ya iya takawa a kai shi wurin likita ko masanin gashin ƙashi ya duba.

Ga matashinmu can ya sauke ƙafa daga kan shinge, bayan da muka yi masa bayani. Ya ce mana a da yakan riƙe ne har sai mai tsaron gidansu ya iso, kuma mai tsaron gidan daga Rigasa yake tahowa.