Watan Janairu da Kuskuren Dabbar Shekara a Kalandar Sinawa

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai da sauran jama'a, barkanmu da warhaka.

Da yawa daga cikinku sun taɓa cin karo da wani jadawali mai hotunan dabbobi goma sha biyu, kowace dabba da jerin shekaru a ƙarƙashinta, mutum ya duba shekarar haihuwarsa ya ce shi ɗan shekarar Doki ne ko ɗan shekarar Zomo. Abin da zan nuna muku yau shi ne wannan jadawali yana iya yi wa duk wanda aka haifa a Janairu ko Fabrairu kuskure, kuma kuskuren na lissafin kwanaki ne tsantsa. Ban zo in ce dabbar shekara tana faɗin halin mutum ko rabonsa ba, domin ni kaina ban yarda da hakan ba. Amma kalanda ilimi ce, kuma idan za mu yi magana a kan kalandar wasu mutane, hakkinsu ne mu yi ta daidai.

Jerin dabbobin yana farawa da Ɓera, sai Sa, Damisa, Zomo, sai wani dodon almara da Sinawa suke kira Lung, sannan Maciji, Doki, Akuya, Biri, Zakara, Kare da Alade. Masu jadawali suna da hanya mai sauƙi ta gano dabbar kowace shekara: a cire 4 daga shekarar miladiyya, a raba abin da ya rage da 12, a dubi ragowa. Idan babu ragowa Ɓera ne, idan 1 ce Sa ne, haka har zuwa 11 wadda ita ce Alade. Mu gwada da 1990. An cire 4, saura 1986. An raba da 12, ragowa 6. Ke nan shekarar Doki. Lissafin ba shi da aibi, sai dai yana ɗauka cewa shekarar Doki ta kama ranar 1 ga Janairu, alhali kuwa ba ta kama ba sai ranar 27 ga Janairu, 1990. Jaririn da aka haifa ranar 20 ga wannan wata yana cikin makon ƙarshe na shekarar Maciji, wadda ta fara tun 6 ga Fabrairu, 1989.

Me ya sa farkon shekarar tasu ba ya tsayawa wuri guda? Mu da muka saba da kalandar Hijira mun riga mun san rabin amsar. Watanni goma sha biyu na wata suna ba da kwana 354 ko kusa da haka, wato sun gaza shekarar rana da kimanin kwana goma sha ɗaya, shi ya sa azumi yake zagayawa daga bazara zuwa hunturu zuwa damina. Sinawa ma da wata suke ƙirga watanninsu, amma ba su bar shekarar ta yi ta zagaye ba. Sun ɗaure ta da rana ta hanyar ƙa'ida guda: ranar da dare ya fi tsawo a ƙasarsu, wadda take faɗowa 21 ko 22 ga Disamba, dole ta kasance cikin wata na goma sha ɗaya. Domin a kiyaye wannan ƙa'ida, sai a ƙara wata guda a wasu shekaru, kimanin sau bakwai cikin kowace shekara goma sha tara, shekarar ta kai kwana 384 ko kusa da haka. Sakamakon shi ne sabuwar shekara tana ja da baya shekara ɗaya ko biyu, sannan ta yi tsalle gaba, amma ba ta fita daga tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Ku dubi shekaru huɗu a jere: 22 ga Janairu a 2023, 10 ga Fabrairu a 2024 saboda an ƙara wata a shekarar da ta gabace ta, 29 ga Janairu a 2025, sai 17 ga Fabrairu a 2026. Wani bambanci kuma shi ne su ba sa jiran ganin jinjirin wata da ido. Ranar da lissafi ya nuna wata ya daidaita da rana, ita ce ɗaya ga wata.

Daga nan mutum zai iya sanin matsayinsa ba tare da wahala ba. Wanda aka haifa daga 1 zuwa 20 ga Janairu, kowace shekara ce, dabbarsa ita ce ta shekarar da ta wuce, babu buƙatar bincike. Wanda aka haifa daga 21 ga Fabrairu zuwa ƙarshen Disamba, jadawali ya gaya masa gaskiya. Na tsakiyar nan ne, masu kwana talatin da ɗaya, ya wajaba su nemi ainihin ranar sabuwar shekara ta shekarar haihuwarsu. A 1966 kwana ashirin kaɗai kuskuren ya shafa, domin shekarar ta kama 21 ga Janairu. A 1985 kuwa kwana hamsin cur ya shafa.

Kuskuren ba ya tsayawa a kan dabba. Kowace shekara tana kuma ɗauke da ɗaya daga abubuwa biyar, wato itace, wuta, ƙasa, ƙarfe da ruwa, kowanne yana riƙe shekara biyu a jere, kuma haɗuwarsu da dabbobi ce take ba da zagayen shekara sittin. Jaririnmu na 20 ga Janairu, 1990, jadawali zai ce masa Dokin Ƙarfe ne, alhali Macijin Ƙasa ne. Wannan yana da tasiri a zaman yau da kullum a ƙasar Sin. Mutum kan tambayi dabbar abokin hirarsa domin ya gane shekarunsa ba tare da ya tambaya kai tsaye ba, ya san wane ne babba. Haka kuma idan shekarar dabbar mutum ta zagayo, bayan kowace shekara goma sha biyu, al'adarsu ce ya sa jan kaya ko ya ɗaura jan zare. Mutumin da muke magana a kansa shekararsa ita ce 2025, amma idan ya bi jadawali zai jira 2026.

Yanzu ga wurin da lamarin ya fi ɗaure kai, kuma ina roƙon ku ba ni hankalinku. Su kansu Sinawa ba iyaka guda suke amfani da ita wajen sauya dabbar shekara ba. Bayan watanni, suna raba tafiyar rana gida ashirin da huɗu, lissafin da manomansu suka dogara da shi tun da can. Gida na farko sunansa Licun, ma'anarsa shigowar lokacin da sanyi yake fara sakin ƙasa, kuma yana faɗowa 4 ga Fabrairu a mafi yawan shekaru, wani lokaci 3 ko 5. Masu duba na gargajiya, waɗanda suke aiki da shekara, wata, rana da sa'ar haihuwa, abin da ake kira Bazi, galibinsu daga Licun suke sauya dabbar shekara. Sauran jama'a kuwa daga ranar bikin sabuwar shekara suke sauyawa, kuma wannan ne matsayin ƙa'idar kalanda da hukumomin Sin suka fitar a 2017, wadda cibiyar nazarin taurari ta Dutsen Zijin da ke Nanjing ta tsara.

Mu ɗauki mutum biyu mu gani. Ta farko mace ce da aka haifa ranar 10 ga Fabrairu, 1985. Jadawali ya ce mata Sa, domin ragowar lissafin 1 ce. Kalandar wata ta ce a'a, sabuwar shekara sai 20 ga Fabrairu, saura kwana goma, don haka Ɓera ce. Mai lissafin Bazi kuma ya ce Licun ya wuce da kwana shida, don haka Sa ce. Na biyu namiji ne da aka haifa 30 ga Janairu, 1990. Jadawali ya ce Doki, kalandar wata ta amince domin an yi biki kwana uku da suka wuce, amma mai Bazi ya ce Licun bai zo ba tukuna, don haka Maciji ne. A misali na farko jadawali ya dace da Licun, a na biyu ya dace da kalandar wata, kuma duka biyun katari ne kawai, domin shi jadawali bai san da ko ɗaya daga cikin iyakokin biyu ba. A ganina, kuskure na gaskiya guda ɗaya ne, shi ne ɗaukar 1 ga Janairu a matsayin iyaka a lissafin Sinawa. Saɓanin da ke tsakanin Licun da ranar biki saɓanin hanya ne, kuma abin da ya kamaci mai ba da amsa shi ne ya faɗi hanyar da ya bi. Idan manhajar waya ta ba ku dabba, ku gwada ta da waɗannan ranaku biyu, nan take za ku gane wace iyaka aka gina ta a kai.

Na ce a lissafin Sinawa, domin maƙwabtansu sun ɗan bambanta. Japan ta koma kalandar miladiyya a 1873, kuma a can jama'a suna sauya dabbar shekara ne ranar 1 ga Janairu. Biyetnam tana da Kyanwa a gurbin Zomo, kuma agogonta yana bayan na Sin da sa'a ɗaya. Wannan sa'a ɗaya ta yi aiki babba a ƙarshen 1984, lokacin da ainihin sa'ar da ake tantance ranar da dare ya fi tsawo da ita ta faɗo dab da tsakar dare: a Beijing 22 ga wata ya riga ya shiga, a Hanoi kuwa ana cikin 21. Wannan ya sauya watan da aka ƙirga na goma sha ɗaya, sai Biyetnam ta yi bikinta 21 ga Janairu, 1985, Sin kuma ta yi nata bayan wata guda. Matar nan tamu ta 10 ga Fabrairu, da a Hanoi aka haife ta, da tuni tana cikin sabuwar shekara.

Kafin mu shigo wata ɗaliba ta tambaye ni, yaya wanda aka haifa a nan ƙasarmu? Malama, ga amsarki. Kalandar Sin da agogon Beijing ake lissafa ta, kuma yana gaban namu da sa'a bakwai. Jaririn da aka haifa a Kano ƙarfe shida na yamma ranar 9 ga Fabrairu, 2024, ya zo ne a lokacin da ƙarfe ɗaya na dare ya buga a Beijing, 10 ga wata, an riga an shiga shekarar Lung. Wanda ya bi kwanan watan Kano zai ce Zomo, wanda ya bi agogon Beijing zai ce Lung, kuma ana samun masu bin kowace hanya. Wannan ya shafi waɗanda aka haifa daga ƙarfe biyar na yamma zuwa tsakar dare a jajibirin sabuwar shekara kaɗai. Matsalar da ta fi shafarmu ita ce ta takardu, domin da yawa daga cikin iyayenmu an rubuta musu 1 ga Janairu ne saboda ba a riƙe ainihin ranar ba. Mai irin wannan takarda, kafin ya duba dabbar shekarar da ta wuce, sai ya fara tambayar dattawan gida ko da damina aka haife shi ko da hunturu.