Leda, algarara ko auduga: wane buhu za ka zuba hatsinka?

Assalamu alaikum. Ga buhuna uku na shimfiɗa a gabanmu. Wannan fari mai sheƙi shi ne wanda ya cika kasuwa, buhun leda, wasu su ce bako. Da siraran zaren roba ake saƙa shi, robar da ake kira folifirofilin. Na tsakiya, ruwan ƙasa mai kaushi, shi ne algarara. Na ƙarshe kuma na auduga ne.

Algarara, abin da mutane da yawa ba su sani ba, daga dangin lalo take fitowa, wannan lalon da muke miya da shi. A Indiya da Bangaladesh ana barinsa ya yi tsawo ya wuce mutum, a jiƙa karan a ruwa, a saɓe zaren, kusan yadda ake yi wa rama a nan.

To, kafin ka tambayi farashin buhu, fara tambayar hatsinka: ka bushe kuwa?

Bari mu ɗauki misali. A ce ka sayi masara a Saminaka cikin watan Oktoba, sabuwar girbi, za ka kai ta sito a Dawanau ka ajiye har bazara. Masarar ajiya ana so danshinta kada ya wuce kashi 13 cikin 100. Taka kuwa tana kan 17. A ido ta bushe, amma ka ciza ƙwaya ɗaya ka ji: busasshiya fashewa take yi da ƙara, mai danshi kuwa haƙori lotsa ta yake yi. In kana so ka ƙara tabbatarwa, samu kwalba busasshiya, ka zuba masarar da busasshen gishiri cokali biyu, ka rufe, ka girgiza, ka ba ta kamar minti 15. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, masarar nan ba ta isa shiga sito ba.

Ƙwayar hatsi rayayya ce, tana numfashi, tana fitar da zafi da tururi. Zaren leda ba ya shan ruwa ko kaɗan, saboda haka tururin ba shi da hanyar fita sai ta ƴan ramukan saƙa, su kuma in an jibga buhu kan buhu matsewa suke yi. Idan buhun irin mai shafi ne, wanda aka manna wa wata leda a jiki kamar na taki, to ƙofa ta rufe gaba ɗaya. Bayan ƴan makonni ka cusa hannu tsakanin buhunan tsakiya, sai ka ji ɗumi. Ka kwance baki, wari ya buge ka, ƙwayoyi sun dunƙule, ga fumfuna. Wannan ita ce asarar da ta fi ci mini rai, domin wata fumfunar tana haifar da guba mai suna afalatokzin, wadda take lalata hanta, dafuwa kuma ba ta kashe ta. Masara da gyaɗa su ne ta fi kamawa, kuma ƴaƴanmu ne za su sha kokon.

Algarara ta sha bamban. Zarenta yana tsotse danshi ya mayar wa iska, saƙarta kuma a buɗe take. Hatsin da ya rage masa kaɗan ya bushe, in ya samu sito mai iska da hunturu, zai iya ƙarasawa a cikinta. Amma a lura, kaɗan na ce. Masarar da ke kan 17 ba buhun da zai cece ta, sai dai a baza ta a tamfol ta sha rana tukuna. Kuma ka sa a ranka nauyi zai ragu: kilo 100 a kan 17, in ya sauko 13, zai dawo wajen kilo 95 da rabi. Kusan tiya biyu ke nan a kowane buhu, ruwa ne ka saya da kuɗin masara.

Wannan shan danshin da ya zama alherinta shi ne kuma rauninta. Ka ajiye algarara a kan siminti da damina, ƙasanta zai jiƙe ya ruɓe, gara ma ta samu abinci. Dole a ɗora ta kan katako, a bar tazarar da mutum zai iya wucewa tsakaninta da bango.

Yanzu dubi yadda suke zama idan an jera su. Na ɗora leda kan leda, na tura da hannu ɗaya, ka ga ya zame. Algarara kan algarara kuwa, sai na sa ƙarfi, kaushin nan ne yake riƙe su. Dalar gyaɗar Kano da ake gani a hotuna, dubban buhuna a jere har sama, da algarara aka gina ta. Da leda ce da ba ta tsaya haka ba. Don haka in da leda kake jeri, kada ka kai shi sama sosai, kuma ka riƙa sarƙa buhunan, sahu ɗaya a tsaye, na samansa a gicciye. Jerin da ya zubo yana iya karya ɗan dako.

Haka ma wajen duba kaya. Mai saye ya soka ƙarfensa a algarara ya zaro samfuri, ka shafa wurin da yatsa, zaren ya koma mazauninsa. A leda zaren tsinkewa yake yi, ramin ya zauna, gero ya yi ta tsiyaya a cikin mota.

To me ya sa leda ta kori algarara daga kasuwa? Araha, da rashin nauyi. Algarara mai cin kilo 100 ita kanta tana kai wajen kilo guda, leda kuwa ba ta kai rubu'in haka ba. Ba ta ruɓewa, yayyafi ba ya jiƙa zarenta. Ga busasshen hatsi da za a ɗauka daga ƙauye zuwa kasuwa, ko a ajiye na ƴan watanni a inuwa, ni ma leda zan zaɓa. Maƙiyinta rana ce. Ka bar buhun leda a fili wata biyu ko uku, in ba wanda aka sa wa maganin rana tun daga kamfani ba ne, za ka ga ya dushe, ka murza shi ya bar maka farin gari a yatsa. Ranar da aka zo ɗagawa sai ya yage kamar takarda. Wanda ya sayi na hannu ya fara murzawa kafin ya biya, ya kuma shinshina: buhun da ya taɓa ɗaukar maganin feshi ko irin da aka wanke da magani ba na abinci ba ne.

Na auduga ba zan daɗe a kansa ba. Yana numfashi, saƙarsa ƙanana ce, ba ya zubar da gashi cikin abinci, ana kuma wanke shi. Ya dace da gari, da acca, da irin shuka kilo biyar ko goma da za a rataye a ɗaki. Amma yana da tsada, kuma ba shi da juriyar lodi da sauke a tirela.

Saura ƙwaro. A cikin ukun nan babu wanda yake hana shi, galibi ma tun daga gona yake biyo hatsin. Mai ajiye wake ya fi kowa sanin haka. Maganinsa buhun da iska ba ta shiga, irin PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro bayan binciken da ta faro da masana a arewacin Kamaru. Ledoji biyu ne masu kauri a ciki, da saƙaƙƙen buhun leda a waje. A matse iska, a ɗaure kowanne daban, ƙwarin su shanye ɗan iskar da ta rage su mutu. Sai dai shi ma busasshen hatsi kawai yake karɓa, kuma huda ɗaya ta ɓera ko ta basilla ta isa ta ɓata aikin. Shi ya sa ba a ɗinke bakinsa, da igiya ake ɗaurewa, kuma kafin ka zuba wake ka hura iska a ledar ciki, ka matse ka ji ko tana fita.